Jinga kan dalar gyaɗa: daga ina aikin ya daina zama nawa?

Rukayya:
Assalamu alaikum. Ina aji uku a sashen tarihi, kuma an ba mu jinga ta kalmomi 1,500 a kan dalilan ɓacewar dalar gyaɗa a Kano. Malamin kwas ɗin ya ce ya yarda mu yi amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira domin buɗe kai kawai, amma rubutun da za mu miƙa dole ya zama namu. Zan faɗi abin da na yi dalla-dalla domin ku auna mini. Da farko na nemi ChatGPT ta jero abubuwan da ake ganin sun jawo ɓacewar dalar, sai ta kawo guda shida: samuwar arzikin man fetur, fari, cutar gyaɗa, ƙarancin farashin da hukumar sayen amfanin gona ke biyan manoma, rushe waɗannan hukumomi a 1986, da matsalar sufuri. A ƙarƙashin sufurin akwai wata jimla da ta tsaya mini a rai, wadda ma'anarta ita ce dalar kanta ba alamar yalwa kaɗai ba ce, alama ce ta cewa jirgin ƙasa ya kasa kwashe gyaɗar zuwa bakin teku a kan lokaci. Ban taɓa kallon abin ta wannan fuska ba, don haka na mai da shi jigon maƙalata. Daga nan na nemi ta tsara mini yadda sakin layukan za su bi juna, na bi tsarin, na rubuta kowace jimla da hannuna ba tare da na kwafi ko kalma ɗaya ba. Yanzu na gama, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Kalmomin nawa ne, jigon ba ni na gano shi ba, tsarin ma ba nawa ba ne. Shin har yanzu ina cikin abin da malam ya halatta, ko na wuce gona da iri?

Nura:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni ban ga abin damuwa a nan ba. Satar fasaha ita ce ka ɗauki kalmomin wani ka ce naka ne, ke kuwa kin ce ba ki kwafi ko kalma ɗaya ba. Tunani ba shi da mai shi. Da a ce a bakin wani tsoho a Fagge kika ji wannan magana ta jirgin ƙasa, ai ba wanda zai ce kin yi laifi. Shawarata ita ce ki sa aikin a Turnitin, wato manhajar gano kwafe da rubutun inji, idan sashenku na da shi, idan kason ya fito ƙasa, ki miƙa abinki ki huta.

Malam Sanusi:
Nura, rabin maganarka daidai ne, kuma zan fara da shi. Gaskiya ne cewa ba a hana ɗalibi ya samu tunani daga waje ba, domin da an hana haka, da an hana karatu gaba ɗaya. Amma misalin da ka kawo shi ne ya kayar da kai. Idan Rukayya ta ji maganar a bakin dattijo a Fagge, ƙa'idar sashen tarihi ita ce ta rubuta sunansa, da shekarunsa, da unguwar da aka yi hirar, da ranar da aka yi ta. Ashe ke nan tunani na da mai shi ko da an sauya masa kalmomi, kuma duk littafin ƙa'idojin rubutu da na taɓa koyar da shi ya lissafa ɗaukar ra'ayi ba tare da ambaton tushensa ba a cikin satar fasaha, ba kwafar jimla kaɗai ba.

Batun na'urar gano rubutun inji kuwa, ina roƙon kada a dogara da ita, ko don wanke kai ko don kama wani. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya fitar da irin wannan na'ura a farkon 2023, sannan ya janye ta a watan Yulin shekarar saboda yawan kuskurenta. A wannan shekarar dai masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan na'urori da maƙalolin ɗaliban da Turanci ba harshensu na gado ba ne, sai ya zamana fiye da rabin maƙalolin an ce inji ne ya rubuta su, alhali mutane ne. Ɗalibanmu irin waɗannan ne, masu rubuta Turanci a tsanake da kalmomin da suka saba da su. Kason da na'ura ta nuna ba ya amsa tambayar Rukayya ko kaɗan, domin ita ba ta tambayi ko za a kama ta ba, ta tambayi ko aikin nata ne.

Rukayya:
Allah ya gafarta Malam, abin da nake nufi ke nan. To a cikin matakai ukun da na bi, wanne ne kuke ganin ya fita daga buɗe kai?

Malam Sanusi:
Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, domin ba hukuncinsu ɗaya ba.

Jerin dalilai shidan nan shi ne ainihin abin da malaminki ya halatta. Jeri ne kamar na kayan cefane, bai ce wanne ya fi wanne nauyi ba, kuma duk wanda ya buɗe littafi biyu a kan batun zai ci karo da yawancinsu. Amma jerin ba ya zama naki sai kin tankaɗe shi, kuma alamar an tankaɗe shi ita ce a ga wani abu ya zube. Ki dubi dalili na biyar. An rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na zamanin Babangida, wannan gaskiya ne. Sai dai fitar da gyaɗa zuwa ƙasashen waje ta riga ta durƙushe tun tsakiyar shekarun 1970, bayan farin 1972 zuwa 1974 da annobar kuturtar gyaɗa ta 1975 wadda darɓa ke yaɗawa. Abin da ya faru a 1986 ba zai zama sanadin abin da ya riga shi faruwa da kusan shekara goma ba. Iyakacinsa a ce ya shafi dalilin da cinikin bai farfaɗo ba, kuma wannan wata tambaya ce daban. Idan na ga maƙalar da ta ba wannan dalili sakin layi guda daidai tsawon na fari, ba tare da ta lura da wannan tazarar shekaru ba, na san marubuciyar ta karɓi jerin ne a dunƙule ta cika shi da jimloli. Ki duba taki ki gaya mana.

Mataki na biyu, wato jigon. Maganar cewa dala alama ce ta cunkoson sufuri ba ƙirƙirar manhajar ba ce. Masana tarihin tattalin arziki sun daɗe da rubuta cewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukumar jiragen ƙasa ta yi fama da ƙarancin kawunan jirgi da taragu, har gyaɗar kaka guda takan kai wata kakar tana jibge a Kano tana jiran a kai ta Apapa. Manhajar ta tsinto maganar ne daga rubuce-rubucen mutane, ta miƙo miki ba tare da sunayensu ba. Don haka aikinki shi ne ki bi sawun maganar har ki kai ga wanda ya rubuta ta da hujja, ki karanta da idonki, ki jingina masa. Idan kika yi haka, manhajar ta zama kamar yaron da ya nuna miki ƙofar gida, ke kika shiga kika yi sallama da maigida. Idan ba ki yi ba, kin gina maƙala a kan magana wadda ba ki san tushenta ba.

Mataki na uku shi ne inda ni nake ganin kin fita. Tsarin maƙala ba ado ba ne, shi ne hujjar kanta. Wanda ya yanke cewa fari zai zo kafin farashi, ko farashi kafin fari, ya riga ya yanke hukunci a kan wanne ne tushe, wanne ne reshe. Idan kin fara da farashin hukuma, kina cewa ne manomi ya riga ya fara janye jiki tun kafin sama ta ɗauke, fari ya zo ya ƙarasa. Idan kin fara da fari, kina cewa ne bala'i ya sauka a kan sana'ar da take lafiya lau. Waɗannan maƙaloli biyu ne mabambanta, kuma zaɓi tsakaninsu shi ne abin da malami ke ba wa maki. Ke kin bar wa manhaja wannan zaɓi.

Rukayya:
Na duba, kuma kunya ta kama ni. Sakin layi na shida gaba ɗayansa a kan 1986 yake, kuma na rubuta shi kamar yana cikin sanadin ɓacewar dalar. Ban lura da saɓanin shekarun ba duk da cewa ni da hannuna na rubuta 1975 a sakin layin da ke samansa.

Alhaji Garba:
'Yata, ni dai ban san kan waɗannan na'urori ba, amma tun da gyaɗa ake magana bari in sa baki. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin awo ne a wajen wani ejan ɗin sayen gyaɗa, kuma na tashi ina ganin leburori suna hawa da buhu a ka suna jera shi har ya yi tsini, a lulluɓe da tamfol saboda damina. Duk wanda ya ce miki man fetur ne kawai ya kashe gyaɗa bai zauna da manoma ba. Manomi yana kawo kayansa a ɗora a sikeli, a ba shi farashin da hukuma ta yanka tun farkon kaka, ba shi da ikon cewa uffan, alhali ya san mai ƙuli-ƙuli a ƙauyensu wani lokacin ta fi hukuma saye da daraja. Sannan da aka kafa injinan matsar mai a Bompai da sauran wurare, gyaɗa da yawa a nan cikin gari take ƙarewa, ba ta jiran jirgi balle ta zama dala. Ki sa wannan a takardarki, kuma idan na'urar taki ba ta faɗa miki ba, to ba ta san komai ba.

Hajiya Binta:
Baba Alhaji, ba dalilan gyaɗar take tambaya ba, tana tambaya ne ko ya halatta ta bi tsarin da manhaja ta yi mata. Amma ni ina ganin kun ba ta abin da ya fi amsar tsada, domin maganar injinan matsar mai ba ta cikin jerinta na shida.

Ina so in kawo nawa misalin, ko da yake ba daga makaranta yake ba. Ina tace rubuce-rubucen sharhi da ake aiko wa wata kafar labarai, kuma a shekaru biyun nan na koyi gane rubutun da aka gina a kan tsarin manhaja ko da marubucin ya sake kowace jimla da Hausarsa mai kyau. Ba a kalmomi nake gane shi ba. Ina gane shi ne idan na ga kowane dalili ya samu sakin layi guda, tsawonsu kusan ɗaya, babu wanda marubucin ya tsaya a kansa ya yi zafi, babu wanda ya ratsa da jimla guda ya wuce saboda bai ɗauke shi da muhimmanci ba. Mutum idan ya san abu, yana da wanda ya fi so da wanda ya raina. Na taɓa mayar wa wani marubuci sharhinsa a kan tsadar taki, na tambaye shi a waya wanne ne a cikin dalilansa biyar zai cire idan filin jarida ya yi kaɗan. Ya yi shiru, sannan ya ce duk ɗaya suke a wajensa. Daga nan na san ba shi ya zaɓo su ba.

Sai dai ina da ja da Malam Sanusi a kan tsari. Mu a aikinmu edita yakan ce wa ɗan rahoto ya ɗauko sakin layi na huɗu ya mai da shi na farko, kuma ba wanda ya taɓa cewa rahoton ya zama na edita. Haka malamin da ke duba kundin ɗalibi yakan sauya masa jerin babuka gaba ɗaya. Me ya sa shawarar tsari daga mutum ta zama taimako, daga manhaja kuma ta zama laifi?

Malam Sanusi:
Hajiya, tambayar na da ƙarfi, kuma ba zan ce na gama da ita ba. Amma akwai bambanci guda da nake riƙe da shi. Editan yana sauya tsarin abin da ɗan rahoto ya riga ya rubuta ne. Akwai daftari a gabansa, akwai tunanin mutum da ya riga ya tsayu, shi gyara yake yi. Ita Rukayya ta karɓi tsarin ne tun takardarta tana fara fat, kafin ta san abin da ita kanta take son faɗa. Da a ce ta rubuta nata tsarin tukuna, ko da layi biyar ne a bayan littafi, sannan ta nemi a nuna mata inda yake da rauni, ta karɓi wani gyaran ta ƙi wani, da na sa shi a sahun abin da edita ke yi.

Abin da ya sa nake nacewa a kan wanda ya fara shi ne, jerin farko da ido ya gani yakan zauna a kai ya hana wani shiga. Na gwada wannan a ajina ba sau ɗaya ba: idan na rubuta dalilai huɗu a allo kafin in yi tambaya, amsoshin ɗalibai ba sa fita daga huɗun nan, amma idan na bar allon babu komai sai in ji abubuwan da ni kaina ban yi tunaninsu ba. Rukayya 'yar Kano ce, wataƙila da ta zauna minti ashirin ita kaɗai, ko ta tambayi wani babba a gidansu, da ta kai ga maganar ƙuli-ƙuli da injinan mai da Alhaji ya kawo. Jerin shidan ya rufe mata wannan ƙofa ba tare da ta sani ba. Kuma duk 'yan ajinsu da suka yi irin tambayarta kusan jeri ɗaya za su samu, sai malami ya tarar da maƙala arba'in masu ƙashin baya guda.

Ustaz Mu'azzam:
Ni a ganina duk wannan rarrabewa wahalar da kai ce. Malamanmu na zaure sun koya mana cewa albarkar ilimi ita ce jingina magana ga wanda ya faɗe ta, kuma ɗalibi yakan san a wajen wa ya ɗauki littafi, shi ma malamin a wajen wa ya ɗauka. Wannan manhaja ba ta da malami da za a ambata, ba ta ɗaukar alhakin abin da ta faɗa, kuma idan ta yi ƙarya ba a iya tsayar da ita a tambaye ta. Abin da ba shi da isnadi bai kamata ya shiga aikin ilimi ba ko ta ƙofar baya. A bar ta gaba ɗaya shi ya fi zama lafiya.

Nura:
Ustaz, ai malamin kwas ɗin ne da kansa ya halatta. Kuma idan rashin isnadi ne matsalar, tunanin da ya faɗo wa mutum yana kan babur ma ba shi da isnadi. Ni na karɓi gyaran Malam Sanusi a kan cewa sauya kalmomi bai isa ba, amma ban yarda a ce a rufe ido daga kayan aikin da kowa ke riƙe da shi a aljihu ba.

Malam Sanusi:
Ustaz ya taɓo gaskiya guda wadda manyan mujallun bincike ma suka tsaya a kanta. A watan Janairun 2023 mujallar Nature ta bayyana cewa ba za ta karɓi irin wannan manhaja a matsayin marubuciya ba, saboda marubuci shi ne mai ɗaukar alhakin abin da aka buga, amma ba ta hana amfani da ita ba, ta ce a bayyana yadda aka yi amfani da ita. Wato ba a jingina mata hujja, amma ana faɗin cewa ta shiga aikin. Rukayya, shin manhajar ta ba ki wasu manazarta?

Rukayya:
Ta ba ni uku. Ɗaya maƙala ce a wata mujalla, na neme ta a Google Scholar da ɗakin karatunmu ban same ta ba, sunan mujallar na nan amma babu wannan take a cikinta. Ta biyu ban nema ba tukuna. Ta uku littafin Jan Hogendorn ne na 1978, shi kam na gan shi a kan kanta, kuma na sa shi a matsayin madogara a sakin layin da ke magana a kan annobar 1975.

Malam Sanusi:
Ki koma ki buɗe shi. Littafin na gaske ne, kuma mai kyau ne, amma batunsa asalin cinikin ne, wato yadda jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suna sa ran auduga, sai fatake da manoma suka karkata ga gyaɗa daga kakar 1912. A nan zai yi miki amfani, a gabatarwarki. Idan kika jingina masa annobar 1975 ba tare da kin ga shafin da idonki ba, kin yi abin da ya fi ƙagaggen take haɗari, domin ƙagaggen take ana nema a rasa a gane, shi kuwa littafin gaske da aka ɗora wa maganar da ba a tabbatar tana cikinsa ba yakan wuce har sai ya faɗa hannun wanda ya karanta shi. Kuma ba ɗalibai kaɗai ke faɗawa ba: a watan Yunin 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dalar Amurka 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ta ƙaga, ba su bincika ba.

Ga abin da zan yi da a ce ni ne ke. Ki rufe manhajar da tsohon daftarin, ki bari a kwana. Gobe ki ɗauki farar takarda ki rubuta a jimla guda abin da kike son tabbatarwa, misali cewa ɓacewar dala da raguwar noman gyaɗa abubuwa biyu ne da ake haɗa su bisa kuskure, idan har abin da kika gamsu da shi ke nan bayan karatu. Sannan ki jera hujjojinki daga ka, yadda kike ganin ya dace su biyo juna. Abin da kika kasa tunawa ba tare da leƙen allo ba, bai zama naki ba tukuna. A gefen kowace hujja ki rubuta littafi da shafin da kika gan ta, ko sunan wanda kika yi hira da shi. Idan sabon tsarin ya yi kama da tsohon a wasu wurare, babu laifi, matuƙar za ki iya faɗin dalilin da ya sa wannan ya riga wancan. Ni haka nake gwada ɗalibaina idan na yi shakka, ba na'ura nake kunnawa ba: minti biyar a ofis, in ce me ya sa kika fara da wannan, me za ki ce wa wanda ya ƙi yarda da shi. Kuma ki yi rubutun a Google Docs ko makamancinsa domin Version history ya nuna yadda aikin ya girma a hankali, saboda ranar da za a tuhume ki bisa kuskure.

Abdurrahman:
Gaisuwa daga Damagaram. Ni matsalata ta sha bamban kaɗan, kuma ban ga an taɓa ta ba. Muna rubutu da Faransanci, amma ni da Hausa nake tunani. Nakan tsara hujjojina da kaina, in rubuta daftari da Faransancina mai tuntuɓe, sannan in ba manhaja ta gyara nahawu. Wani lokaci takan dawo mini da jimlar da ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba, ma'anar tawa ce, amma ba zan iya ƙera irinta ba. A ma'aunin Malam, tunani da tsari nawa ne, don haka na tsira. A ma'aunin malamin Rukayya kuwa, wanda ya ce rubutun ƙarshe ya zama na ɗalibi, ni ne na fi ta laifi, domin ita jimlolinta nata ne, nawa kuwa ba duka ba. Wanne ma'auni za a bi?

Hajiya Binta:
Wannan ita ce tambayar da ni ma ba ni da amsarta a yanke. Ina ganin ya danganta da abin da ake aunawa. Idan kwas ɗin na harshe ne, jimlar ita ce jarrabawar, don haka gyaran manhaja ya ci amanar aikin. Idan na tarihi ne, gyaran harafi da jinsin suna bai taɓa hujja ba. Amma na sha ganin inda gyaran salo ya zarce ya taɓa ma'ana: marubuci ya ce wataƙila, gyararriyar jimla ta fito babu wataƙilar, ko ya ce wasu manoma, ta koma manoma gaba ɗaya. A tarihi wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Da ni ce kai, da sai in nemi a nuna mini kurakuran ɗaya bayan ɗaya in gyara da hannuna, maimakon in karɓi sabon sakin layi a dunƙule.

Malam Sanusi:
Na yarda da Hajiya a kan hanyar, amma ba zan ɓoye ba, mu malamai ba mu daidaita a kan wannan ba ko a cikin sashe guda. Akwai abokin aikina da ke ganin gyaran nahawu adalci ne ga yaron da ya fito daga makarantar gwamnati ta ƙauye yana gogayya da wanda ya tashi da Turanci a gida, akwai kuma wanda ke cewa idan ba a bar shi ya yi tuntuɓe ba, ba zai taɓa iya tafiya ba. Abdurrahman, ka tambayi malamin kowane kwas a rubuce kafin ka miƙa aiki, kada ka auna da abin da wani malamin ya yarda.

Ustaz Mu'azzam:
Kun ga abin da nake faɗa. Tun daga jerin dalilai an kai ga tsari, daga tsari an kai ga jimla, kuma kowane mataki akwai mai halatta shi. Ni dai ina nan a kan bakana.

Rukayya:
Na gode muku gaba ɗaya. Jingar sai ranar Alhamis za a karɓa, don haka ina da kwana huɗu. Zan ajiye wannan daftarin in sake daga farar takarda kamar yadda Malam ya ce, zan cire maƙalar da ban samu ba, in nemi ta biyun kafin in yanke hukunci a kanta, sannan batun 1986 zai koma jimla biyu a kusa da ƙarshe. A ƙasan aikin zan rubuta cewa na yi amfani da ChatGPT wajen jero dalilai a matakin farko, kuma a nan na fara cin karo da batun cunkoson jirgin ƙasa kafin in bi shi zuwa littattafai. Abin da ban sani ba shi ne ko in ambaci tsarin farko da na karɓa na kuma watsar, tun da ba zai bayyana a aikin ba amma na riga na gan shi.

Baba Alhaji, idan ba za ku damu ba, ina so in zo da yayana ranar Talata bayan la'asar in yi hira da ku a kan aikin awo da injinan Bompai, in sa ku a cikin madogarata da sunanku da ranar hirar.

Alhaji Garba:
Ku zo, 'yata, amma ku bari sai bayan ƙarfe biyar, domin ina da ɗaurin aure a Kurna da rana. Akwai tsohon littafin awon mahaifina a cikin adaka, zan sa a nemo shi kafin ku iso.